Filawil na ci gaba da gudu bayan an kashe inji: wane birki zan sa?

Mai injin casa, Auyo:
Salamu alaikum. Ina da injin casar shinkafa mai motar lantarki kilowat 7.5, bel ne ke jan shaf ɗin, gudunsa juyi 960 a minti. A kan shaf akwai filawil, wato babban faifan ƙarfe, mai kilo 120, faɗinsa santimita 80, kaurin shaf milimita 40. In na kashe wuta sai ya yi minti ɗaya da rabi bai tsaya ba, yara kuma ba sa haƙurin jira kafin su kai hannu. Ina so ya riƙa tsayawa cikin daƙiƙa 5. Birkin babur zai yi, ko kuloci zan nema?

Bakanike, Ringim:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka sa kuloci, shi ke nan. Na sa wa wani mai injin niƙa na dizal, da ya ja hannu inji ya rabu da dutse.

Malamin kanikanci, Wudil:
Alhaji, kuloci raba mota da kaya kawai yake yi. Ga mai dizal ya zama dole, domin ba za ka taka birki inji na ja ba. Kai kuwa da ka kashe wuta motarka ta daina ja, abin da ya rage shi ne gudun da filawil ya riga ya ɗauka, kuma birki ne kaɗai zai cinye shi. Bari mu yi lissafin da alƙalumanka.

Abu na farko shi ne taurin kan filawil wajen tsayawa, wanda ake rubutawa J. Nauyi kaɗai ba ya faɗinsa, sai an haɗa da nisan ƙarfen daga tsakiya. In faifai ne mai kauri ɗaya, J rabin nauyi ne sau rabin faɗi sau rabin faɗi: 0.5 sau 120 sau 0.4 sau 0.4, wato 9.6. Na ƙara na fuli da abin casar da motar da ƙiyasi, na mai da shi 12. Gudun 960 a minti kuma, in ka raba da 9.55, yana ba da kusan 100, wanda ake rubutawa ω, t kuwa shi ne daƙiƙa 5 ɗin da kake so.

```
T = J × ω / t = 12 × 100 / 5 = 240 N·m
E = ½ × J × ω² = ½ × 12 × 100² = 60,000 J
```

T shi ne ƙarfin murɗa da birkin zai riƙe. Don ka gane girman 240: motarka tana cikin cikakken aiki, abin da take kai wa wannan shaf bai wuce 75 ba. Ka ga birkin zai yi aikin da ya haura ninki uku na motar. Saboda haka kada ka yarda a ɗaura shi a gefen mota. Bel ɗin da aka zaɓa don 75 zamewa zai yi, ka ji ƙara da warin roba, filawil na ta gudunsa. Ranar da bel ya tsinke kuma, ranar ce ba ka da birki gaba ɗaya. A kan shaf ɗin filawil ake sa shi.

E kuma zafi ne, jul 60,000 a kowace tsayawa, kuma nan mutane ke ruɗewa. Ko ka tsayar a daƙiƙa 5, ko 10, ko 30, zafin ɗaya ne. Lokaci yana rage ƙarfin murɗa ne kawai: a daƙiƙa 10, 120 ya isa. Zafin nan cikin ƙarfen birki yake shiga, domin iska ba ta samun damar kwashe komai a ɗan wannan lokaci. Kilo ɗaya na ƙarfen zubi yana shan jul 460 kafin ya ƙara digiri ɗaya. Faifan birkin motar hawa mai kilo 6 zai ƙara digiri 22 ke nan, ba komai ba ne. Birkin da ƙarfensa kilo ɗaya ne zai ƙara digiri 130 a taka ɗaya. Na babur a wannan sahun yake, ga shi ƙarami, ƙarfin ma da ƙyar ya kai. Ka bar shi.

Mai walda, Kura:
Malam, ni fa ban ga abin wahala ba. Mota mai layi uku ce, a sa makunnin da zai juya layi biyu, ta ja baya, nan take ta tsaya. Babu sayen komai.

Malamin kanikanci, Wudil:
Za ta tsaya, amma zafin bai ɓace ba, cikin motar ya koma. A irin wannan tsayarwa, abin da ke juyawa a cikin mota yana shan zafi ninki uku na gudun da ke jikin kayan, wato jul 180,000, ban da na waya. Kuma ta bel ɗin nan dai ƙarfin zai bi. In ba a yanke wuta daidai lokacin da ta tsaya ba, baya za ta fara juyawa. Da janareta ma ba na son a gwada.

Mai injin casa, Auyo:
Allah ya ƙara sani, Malam. To in na sami faifan mota, me zai hana in matse shi ya tsaya a daƙiƙa ɗaya? Kuma lokacin kaka nakan tsayar kamar sau goma a awa, in shinkafa ta cushe.

Malamin kanikanci, Wudil:
Daƙiƙa ɗaya na nufin 1,200, ninki biyar. Shaf ɗinka zai ɗauki 240 ba matsala, amma ka dubi ki ɗin da ke riƙe filawil. Yana nisan milimita 20 daga tsakiya, don haka a daƙiƙa 5 abin da ke danna shi ya kai nauyin tan ɗaya da ɗoriya, a daƙiƙa ɗaya kuwa tan shida. Ramin ki zai buɗe, ka fara jin ƙwas duk sanda ka taka, wata rana ki ya yanke, shaf ya tsaya filawil na juyawa. In noti ne mai zare ke riƙe wani abu a shaf ɗin, birki mai ƙarfi kan kwance shi, sai an sa masa makulli.

Ga faifan mota, fata biyu na matsa shi a nisan kamar santimita 11 daga tsakiya. In gogayyarsu 0.35 ce, matsin da ake so 240 ne a raba da 2 sau 0.35 sau 0.11, wato 3,100 N da ɗoriya, kusan nauyin kilo 320. Famfon birkin mota da sandar hannu zai ba da wannan cikin sauƙi, har ya wuce, don haka a sa wa sandar tokari yadda yaro ba zai iya finciko ta ba. Ka gwada da agogo: in ya tsaya ƙasa da daƙiƙa 4, ka rage.

Sau goma a awa, in a warwatse ne, faifan zai riƙa hucewa a tsakani. Matsalar ita ce a jere. A watan Afrilu da zafin rumfa ya kai 42, taka goma ba hutu za su kai faifan wajen 260. Alamarsa wari, faifai ya yi shuɗi-shuɗi, kuma tsayawar daƙiƙa 5 ta koma 8. Ga ƙaiƙayi a ko'ina, shi kuwa ba ya wasa da ƙarfe mai zafi. Ka yi wa birkin murfin raga, a riƙa share shi kullum.

Bakanike, Ringim:
Na yarda da maganar kuloci. Amma Malam, birkin hannu sai da mutum a wurin. Wanda rigarsa ta shiga bel ba shi zai ja sanda ba. Ni da na sifirin zan sa, mai kamawa da kansa da zarar wuta ta yanke.

Malamin kanikanci, Wudil:
Gaskiyarka, shi ya fi tsaro, sai dai tsada, kuma a wurin da wuta ke ɗaukewa a kai a kai duk ɗaukewa taka ɗaya ce, sai an sa ta a lissafin zafi. Ko wanne aka sa, a rufe bel da filawil tukuna, domin a daƙiƙa 5 ɗin nan shaf zai yi juyi 40.

Alhaji, ka turo hoton filawil ɗin. In irin mai kaurin baki ne da siririn ciki, J ɗinsa zai iya kai kusan ninki biyu na 9.6, kuma duk lissafin nan zai hau tare da shi.

Mai injin casa, Auyo:
Bakinsa ya fi cikinsa kauri sosai. Gobe in an tashi aiki zan auna kaurin duka biyun in turo, in sha Allahu.