Hoton fili ya isa a biya kuɗi, ko sai ƙafa ta taka?

Rabi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina Jamus, dillali ya turo min hotunan filaye biyu a bayan Amasaman, kusa da Accra, kowanne ƙafa 100 a 70, kuɗinsu ɗaya. A watan Janairu ya ɗauka. Na farko shimfiɗe yake, ciyawa shar, yana bakin titi. Na biyu jar ƙasa ce mai ɗan gangara, akwai katangar maƙwabci a gefe. Maigidana ya ce hoto ba ya ƙarya, mu biya na farko kafin a riga mu. Ga su nan, ku duba min.

Sule Ashaiman: Wa alaikumus salam Anti Rabi. Ni ina bayan maigidanki. Na farkon ba sai kin yi ciko ba, ga hanya a ƙofa, kuma ciyawar nan alamar ƙasa ce mai albarka. Yanzu zamanin waya ne, mutane nawa suka yi gini a Kasoa suna zaune a waje?

Malam Isa magini: Sule, ciyawar da ta burge ka ita ta tayar min da hankali. A Janairu hunturu ya busar da komai a Accra. Dubi hoto na uku, tudun da ke nesa duk ya yi ja, wannan fili kaɗai ke kore, har da gwaza da rake a kusurwar baya. Waɗannan ba sa tsayuwa da rani inda babu danshi, wato ruwan ƙasa yana kusa.

Sannan ku buɗe hoto na biyar. Titin ya fi filin tudu, mai hoton yana tsaye a sama yana kallon ƙasa. Ranar da aka zo gyaran titin nan ƙara masa burji za a yi, kwata kuma za ta zauna sama da tsakar gidanki, Hajiya. Ruwa ba ya hawa tudu don ya shiga kwata. Gidan da ke can gefe kuma matakala biyar na ƙirga kafin ƙofa. Ba don ado mutum ke ɗaga daɓensa haka ba, bulo da ciko kuɗi ne.

Sule Ashaiman: To ai Malam da hoton ka gane duk wannan. Kenan hoto ya isa, magana ta ƙare.

Malam Isa magini: Ya isa in ce kar a saya, ɗana. Bai isa in ce a saya ba. Abin da ya shiga hoto nake gani, wanda dillali ya juya wa baya fa?

Hajiya Mariya Nima: Ku dubi gindin katangar fili na biyu, ya yi baƙi. Ambaliya ce wannan, ni na san ta. Duk wanda ya ga abin da ruwa ya yi a unguwar Circle da ke Accra ranar 3 ga Yuni, 2015 ba zai yi wasa da tabon bango ba.

Malam Isa magini: Hajiya, tsoronki yana kan hanya, amma wannan tabon daban ne. Ruwan da ya kwanta yana barin layi miƙaƙƙe, tsayi ɗaya a kowane bango, da laka ko ledoji maƙale a daidai wurin. Na hoton nan hawa yake yana sauka, da farin gishiri a bakinsa. Danshi ne bulo ke sha daga ƙasa, kuma ana ganinsa har a gidajen tudu.

Abin amfani a katangar nan shi ne saman ta. Magini yana jera bulo a kan ma'aunin ruwa, in ƙasa ta sauka sai ya karya layi ya sauko da bulo ɗaya. Daga titi zuwa baya na ƙirga karya 4. Tsayin bulonmu inci 9 ne, 4 sau 9 inci 36, wato ƙafa 3 a cikin ƙafa 100. Gangara ce mai sauƙi. In za a daidaita filin gaba ɗaya da titi, cikon zai fara daga babu ya kai ƙafa 3, tsaka-tsaki ƙafa ɗaya da rabi. A ninka da 100 da 70, ƙafa 10,500 ke nan ta awon ciko, kusan kubik mita 300. Tipa mai ɗaukar kubik 20 sawu 15 za ta yi, kafin a danne ƙasar ta zauna a ƙaro. Amma ba dole a cike duka ba, inda ginin zai zauna ya wadatar.

Damuwata ita ce gangarar baya ta nufa, ba titi ba. Ruwan rufi da na tsakar gida duk can zai tafi, kuma babu hoto ko ɗaya da ya nuna abin da ke bayan. In lungu ne ko kwata, alhamdulillah. In filin wani ne, ranar da ya ja katangarsa ruwan ya rasa mafita.

Abdul Madina: Baba Isa, ba sai an wahala ba. A buɗe Google Earth Pro a kwamfuta, yana nuna tsayin ƙasa a duk inda ka ɗora linzami, kuma alamar agogon nan tana kawo hotunan shekarun baya.

Malam Isa magini: Tsofaffin hotunan na yarda da su, ɗana ya taɓa nuna min wani fili da rafi ke ratsawa kafin a zuba masa ƙasa. Awon tsayin ne ban sani ba ko zai ga ƙafa 3.

Abdul Madina: Gaskiya ba zai gani ba. Awon na unguwa ne, yana nuna kwari da tudu, amma fili ɗaya ya yi masa ƙanƙanta. Anti, wani abu kuma: hoton da aka turo kai tsaye a WhatsApp ya zubar da kwanan wata da wurin da aka ɗauka. Ki ce ya turo a matsayin `Document`, ya kuma daina ɗauka da `0.5x` na kyamara, don yana faɗaɗa fili ya ɓata kimar nisa. In sandar lantarki ta karkace a hoto, mai yiwuwa wayar hannun aka karkatar, gangarar ma ba abin yarda ba ce.

Hajiya Mariya Nima: Ku bar ni da na'ura. Ƙanwata tana Tetegu. Rana tsaka, ko gajimare babu, ruwa ya shigo ɗaki saboda an buɗe madatsar Weija, kogin Densu ya cika daga ruwan da aka yi can sama. Wane hoto zai nuna wannan? Mai sayar da koko a bakin layi ta fi kowace waya sanin inda ruwa ke tsayawa. Amasaman ma ba nisa da Densu, a tambaya.

Fati: Ni dai takardu, Anti. A fara bincike a Hukumar Filaye, kar a sayar miki da filin mutum uku.

Rabi: Lauya yana kan wannan, Fati. Hanyar fili na biyu fa, Malam? A hoto ga sawun mota har bakin filin.

Malam Isa magini: Sawun taya ba hanya ba ce. Inda ba a gama gini ba kowa yanke yake ta filin da babu kowa. Sandunan wuta a hoton suna bin wani layi, sawun yana bin wani, shi ya sa nake zargin ta cikin fulotin mutum ya bi. Safiyo mai lasisi ya ɗora taswirar filin a kan tsarin unguwar, ya nuna duwatsun iyaka huɗu, ya auna faɗin hanyar, a ga ko tipa da tankar ruwa za su iya shiga su juya. Sannan a haƙa rami ƙafa 5 a kusurwar da ta fi kwari, a bar shi ya kwana, a ga ko ruwa zai taru a ciki. Watan Yuni ya fi dacewa, lokacin da damina ta kankama.

Sule Ashaiman: Yuni? Malam, fili a Amasaman ba ya jiran wata biyar. Kafin nan wani ya zuba yashi.

Hajiya Mariya Nima: Ya zuba mana, in na farkon ne.

Rabi: Na cire na farko. Na biyun ne maigida ya ce mu ba da kafin alƙalami yanzu, ni kuma ina son a ga bayan tukuna. Malam, in ƙanena ya zo da mota ranar Asabar za ka iya binsa?

Malam Isa magini: In sha Allah, bayan azahar. Ya taho da diga da shebur, ni zan zo da tiyon awo.