Neman shawara: Hajiyata za a yi wa aiki a Kano, ya zan rubuta wa ofishin ma'aikata neman hutu?

Salam ƴan uwa. Ina Jidda, ina aiki a sito na wani kamfani shekara biyu da ɗoriya. Za a yi wa Hajiyata aiki a asibiti a Kano wata mai zuwa kuma ni ne babba, ina son kwana 30 amma na riga na ci kwana 9 a hutun bana. Mudirina ya ce ba matsala amma in rubuta wa ofishin ma'aikata. Me zan rubuta don Allah?

Ɗan Riyad:
Allah ya ba Hajiya lafiya. Ka ce musu hutun gaggawa kake so, doka ta ba ka kwana biyar da albashi kan abin da ya shafi iyaye, sai ka haɗa da na shekara.

Tsohon akawu a Dammam:
Amin. Ɗan uwa kwana biyar ɗin nan na rasuwa ne, uwa ko uba ko mata ko ɗa, Allah ya tsare, sai kuma na aure. Jinya ba ta ciki, kar ya je ya kafa hujja da shi su ƙyale takardar.

Ƙanena ga lissafinka. Wanda bai cika shekara biyar a kamfani ba kwana 21 yake da shi a shekara, ka ci 9, saura 12. Ragowar 18 ɗin sai ka nema a matsayin hutu ba albashi, kuma wannan sai sun yarda, ba dole ba ne a kansu. Ka yi sa'a bai wuce 20 ba, don in hutu ba albashi ya haura kwana 20 ana ɗaukar kwantiragin a matsayin an dakatar da shi sai dai in kun yi wata yarjejeniya da su. To a takardar ka raba su fili, 12 na shekara, 18 ba albashi, kar ka rubuta "wata ɗaya" kawai, wanda ke zaune a ofishin nan ranaku yake shigarwa a kwamfuta, ka ba shi ranar da za ka fara da ranar da za ka dawo bakin aiki, ba ranar da jirgi zai sauka ba.

Dalili layi biyu ya isa, mahaifiyata za a yi wa tiyata rana kaza, ni zan tsaya a kanta. Ka liƙa takardar likita mai hatimi da kwanan wata. Ka sa lambar ma'aikacinka da lambar iƙama, ka faɗi wanda zai riƙe maka aiki, sannan ka roƙi su fitar maka da huruj da auda, wato bizar fita da dawowa. Ta imel za ka tura ka sa mudirin a kwafi, kuma kar ka yanki tikiti sai amsa ta zo a rubuce. "Ba matsala" ta baki ba ta kare kowa ranar da aka ce ka yi fashin aiki.

Maman Ƴan biyu:
Hmm ni dai da babana ya kwanta uwar ɗakina ce kawai ta ce tafi, ba wata takarda, kuɗin tikiti ma ta cire a albashina wata uku

Tsohon akawu a Dammam:
Hajiya naki aikin gida ne, tsarinsa daban, ba ya ƙarƙashin wannan dokar.

Mai tambaya:
Na gode Baba. To huruj ɗin na kwana 30 zan ce su yi? kuma wa zai biya

Tsohon akawu a Dammam:
A'a ka ce na wata biyu. Riyal 200 ne har zuwa wata biyu, to me zai sa ka matse kanka, jinya ba ta da tabbas kuma jirgi yana iya ɗagawa. Biyan a doka na kamfani ne, ko da yake da yawa kan ma'aikaci suke ɗorawa. Kafin komai buɗe manhajar gwamnati ta Absher ka ga yaushe iƙamarka za ta ƙare, bizar ba ta wuce ranar iƙama, in ta kusa mutuwa ka sa a takardar su fara sabuntawa. Amma ka gane, biza ta wata biyu ba hutun wata biyu ba ne. In ka zarce kwana 15 a jere ba uzuri suna iya sallamarka bayan gargaɗi a rubuce, saboda haka in jikin Hajiya ya ja ka turo imel neman ƙari tun hutun bai ƙare ba.

Ɗan Riyad:
Kuma in biza ta mutu kana gida shekara uku ba ka shigowa fa

Direban tirela:
An cire wannan tun farkon 2024. Abin da nake so in sani shi ne Juma'a da Asabar, a kamfaninmu suna ƙirga su cikin 21 ɗin, abokina kuma ya ce su ba a ƙirga musu.

Mai tambaya:
Kai wannan ma ban duba ba wallahi, bari in tashi daga aiki in buɗe kwantiragina a manhajar ƙwadago ta Qiwa in gani