Daren da amai da gudawa ya shigo gida: me kuka yi kafin gari ya waye?

Uwar Biyu, Kuseri:
Assalamu alaikum. Tunda ruwan kogin Logon ya fara shiga unguwanni, masai ya cika ya haɗu da rijiyoyi, hankalina bai kwanta ba. Ina roƙon duk wanda ya taɓa jinyar mai kwalara a gida ya faɗa mana abin da ya gani da idonsa. Ni na gani a jikin ƙanin maigidana. Da la'asar lafiyarsa lau, har kasuwa ya je. Bayan isha'i ya fara zagawa. Na farko da na biyu kashi ne kamar kullum, daga nan sai ruwa zalla, fari-fari kamar ruwan da aka wanke shinkafa, da ɗan ƙarni irin na kifi. Ba murɗar ciki, jikinsa kuma ba zafi, shi ya sa mutanen gida suka ce a bari sai da safe. Wajen ƙarfe ɗayan dare sha-raɓarsa ta ɗaure yana ihu, murya ta dushe, idanu sun faɗa, yatsunsa sun yamutse kamar wanda ya wuni yana wanki. A kan babur aka kai shi, mutum ɗaya a baya yana riƙe da shi. Ya rayu, alhamdu lillahi, amma leda bayan leda aka yi ta ƙara masa ruwa.

Mai Shayi, Garwa:
Allah ya ƙara kiyayewa, Hajiya. Mu dai a gidanmu ruwan gishiri da sukari muke haɗawa, cokali shida na sukari, cokali guda na gishiri, a jefa 'yar kanwa. Amma in mutum yana amai a dakata da ba shi, don ƙara taso masa da zuciya yake yi.

Ma'aikaciyar Jinya, Marwa:
Malam, sukarinka daidai ne, amma gishirin ya yi yawa. Ga awon: lita ɗaya ta ruwan da aka tafasa ya huce, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Shafaffen cokali, ba mai tozo ba. Ka bi bakinsa da bayan wuƙa ka share. Ka ɗanɗana kafin ka bayar, kada gishirinsa ya wuce na hawaye. Gishiri in ya yi yawa yana iya sa ƙaramin yaro jijjiga, sukari in ya yi yawa gudawar yake ƙarawa. Kanwa kuma a bar ta, ba wanda ya san ƙarfin wadda ke hannunsa.

A lura da gora. Babbar gorar ruwan da muke saya a shago lita ɗaya da rabi ce. In da ita za ka auna, sukari cokali tara ne, gishiri kashi uku cikin huɗu na cokali. In kuma kana da ƙullin asibiti, wanda aka rubuta SRO a jikinsa, ya fi haɗin gida nesa ba kusa ba, domin yana da sinadaran da gudawa ke kwashewa waɗanda babu su a gishirin miya. Ƙulli ɗaya a lita ɗaya, kada a raba shi, kada a ƙara masa sukari. Abin da ya kwana ya wuni, awa 24, a zubar a haɗa sabo.

Maganar amai ita ce ta fi damuna, domin na ga rayukan da ta ci. Ba a dainawa. In ya yi amai a jira minti goma, a ci gaba da cokali ɗaya kowane minti ɗaya ko biyu. Ko yana amayarwa, wani abu yana zama a ciki.

Uwar Biyu, Kuseri:
Anti, to nawa ake ba mutum? Mu kofi ɗaya muka ga an ba shi, aka ce ya isa.

Ma'aikaciyar Jinya, Marwa:
Kofi ɗaya ba ya ko kusa. Bayan kowace zagawa, yaron da bai kai shekara 2 ba a ba shi mililita 50 zuwa 100, wato rabi zuwa cikin gilashin shayi matsakaici. Daga shekara 2 zuwa 9, 100 zuwa 200. Babba ya sha iya abin da cikinsa zai ɗauka. Idan kuma ido ya fara faɗawa, ƙishi ya tsananta, lissafinmu a asibiti mililita 75 ne ga kowane kilo na nauyin mutum cikin awa huɗu. Ɗauki ƙanin maigidanki a kilo 60: lita huɗu da rabi ke nan, babbar gora uku, cikin awa huɗu. Kin ga inda kofi ɗaya ya tsaya. Kuma wanda ya kai wannan matakin a hanyar asibiti ya kamata ya riƙa shan nasa, ba a ɗaki ba.

Baban Yara, Injamena:
Ɗana ɗan shekara uku kwana biyu ke nan yana kashi da majina da ɗan jini, jikinsa zafi rau. Na sayo masa filajil a wurin mai tebur. Kwalarar ce?

Ma'aikaciyar Jinya, Marwa:
Baban Yara, wannan ya fi kama da atuni. Kwalara ba kasafai take zuwa da jini ko zazzaɓi ba. Amma jini a kashin yaro shi kaɗai ya isa dalilin zuwa asibiti, yau ba gobe ba. Ka fara ba shi ruwan gishiri da sukari tun yanzu, a ci gaba da ba shi abinci, ka tambaye su ƙwayar zinki, ana sha kwana 10 zuwa 14. Filajil ba ya maganin kwalara, kuma ƙwayoyin tsayar da gudawa kada a ba yaro sam.

Tsohon Direba, Mora:
Ni a annobar 2010 na rasa yayata. Abin da ban manta ba shi ne shirun da ta yi. Da farko tana ta neman ruwa, daga baya ta daina nema, muka ce sauƙi ne ya samu, barci take yi. Tafin hannunta sanyi ƙalau. Tun magariba ba ta yi fitsari ba, ba wanda ya lura sai da likita ya tambaya. Kafin a samu jijiyar da za a sa mata ruwa, rai ya yi halinsa.

Ma'aikaciyar Jinya, Marwa:
Allah ya jiƙanta, Baba, ya sa ta huta. Wannan shirun shi ne alamar da ta fi kowacce haɗari. Mutum ya yi laushi, ana tashinsa da ƙyar, ko ya kasa haɗiya, ko duk abin da ya sha ya dawo: a ɗauke shi nan take, ko ƙarfe nawa ne. Haka in fitsari ya ɗauke wajen awa shida, ko hannu da ƙafa sun yi sanyi, ko numfashi ya yi sauri. Ku tsunkuli fatar cikinsa ku saki. In ta wuce daƙiƙa biyu ba ta koma ba, ruwan jiki ya yi ƙasa sosai. Jariri kuma a duba maɗigarsa ko ta loɓa, a ci gaba da ba shi nono. Mai ciki, tsoho, da yaro mai tamowa ba a jira musu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Gaskiya ma, a lokacin annoba duk wanda ya yi gudawar ruwan shinkafa a nufi asibiti da shi, gora a hannu. Wanda ya suma ne kawai ba a ɗura masa, kada ya shaƙe. A kwantar da shi ta gefe.

Mai jinya kuma ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa abinci, a zuba ruwan jabel, wato bilic mai kashe ƙwayoyin cuta, a bokitin kashi da na amai kafin a juye a masai.

Mai Shayi, Garwa:
Na karɓi gyaran gishiri, Anti. Amma mu nan sukari mai ƙwaya muka fi samu. Ƙwaya nawa ke nan a lita?

Ma'aikaciyar Jinya, Marwa:
Ƙwayoyin ba girmansu ɗaya ba. Daka su ka auna da cokali.

Tsohon Direba, Mora:
Akwai ƙauyukan da in mayo, wato rafi, ya kawo ruwa da dare, ko babur ba ya hayewa sai ya janye. Wanda ya taɓa riƙe marar lafiya a irin wannan daren da gora da cokali kawai, don Allah ya faɗa mana yadda ya yi, ina da 'yan uwa a can.