Neman kalma: wayar da aka toshe saboda an kai rahoton ɓatanta

Maman Ilham: Jama'a ku taimaka. Ƙanena ya sayi waya ta hannu a Kano, tana aiki lafiya. Da ya je karatu Birtaniya ya sa sim ɗin can, sai `Emergency calls only`, alhali intanet ɗin gida na kamawa. Mai gyara ya duba ya ce `Blacklisted` ce. Na rasa yadda zan faɗa wa Baba da Hausa.

Sani Mai Caji: Ai kullalliya ce, Hajiya. A kai ta a yi mata filashin.

Injiniya Bala: A'a Sani, kulle daban. Kullalliya kamfani ɗaya ta sani, da ka sa mata sim ɗinsa sai ta yi aiki. Wannan kuwa lambar jikinta, IMEI, aka shigar rajista bayan mai ita ya ce ta ɓata ko an sace, sai duk kamfanonin da ke duba rajistar suka ƙi ta. Ba kowace ƙasa ke dubawa ba, shi ya sa ta yi aiki a Kano. Filashin ba ya taɓa wannan, domin matsalar ba a cikin wayar take ba.

Ƙanenki ya danna `*#06#`, IMEI ɗin mai lambobi 15 za ta fito (biyu in mai sim biyu ce, ya duba duka). Ya gwada da ta jikin kwali, in sun saɓa akwai magana. Sannan ya bincika ta a CheckMEND, shafin intanet mai duba tarihin waya, ana biyan ɗan kuɗi.

Malam Habu: Ni da na ji bayanin nan, *cigiya* ce ta faɗo mini. Akuya ta ɓata, an yi shela, kowa ya san kamanninta, ba mahaucin da zai saya. A ce *wayar cigiya*. Fitar da ita kuma *janye cigiya*.

Injiniya Bala: Allah ya ƙara sani, Malam, ta zauna daidai. Wanda ya ba da cigiya shi ke janyewa: mai ita na farko ne zai kira kamfanin layin da ya shigar da lambar, a tabbatar shi ne. Rasiɗin shagon Kano da wuya ya wadatar. Kada kuma ƙanen Hajiya ya yarda a canza masa lambar, laifi ne a dokar Birtaniya tun 2002.

Ummi Zinder: Malam, ban gamsu duka ba. Cigiya nema ce, ba ta nuna an hana wayar aiki. Kuma wani ya kan sayar, daga baya ya yi ƙaryar ɓata don inshora ta biya shi. Wannan ma cigiya ce? Mu *toshasshiya* muke cewa.

Sani Mai Caji: Toshasshiya kuma sai a ɗauka sifika ce ta sha ƙura.

Maman Ilham: Na gode ƙwarai. Na ce wa Baba wayar cigiya ce, nan take ya tambayi wa ya sayar masa. Gobe zan je shagon da rasiɗin, ko su karɓi kayansu ko su nemo mai ita.