Yaya zan cire tasirin lokacin bukukuwa daga sakamakon talla?

Ina neman taimako kan lissafin da ya tsaya mini a wuya. A watan Disamba, lokacin bukukuwa, cikin kowane mutum 1,000 da suka latsa tallanmu na intanet, 40 sun yi sayayya. A Fabrairu muka sauya hoto da kalaman tallan, adadin ya sauka zuwa 25, kuma na kasa tantance ko sabon tallan ne ya gaza ko kasuwa ce kawai ta lafa.

Na gwada ma'aunin yanayi daga bayanan bara, wato na raba sakamakon kowane wata da matsakaicin shekarar, Disamba ya ba ni 1.6, Fabrairu kuma 0.9. Da na raba alƙaluman bana da waɗannan, Disamba ya koma 25, Fabrairu ya kusa 28, kamar dai sabon tallan ya fi tsohon. Sai dai ban yarda da wannan ba, domin a Disambar bara mun yi rangwamen farashi, saboda haka 1.6 ɗin ya haɗa tasirin biki da na rangwame, kuma bayanan shekara ɗaya kacal nake da su, babu wata shekarar da zan daidaita da ita.

Shin ya dace in fitar da ma'aunin daga maziyartan shafinmu na bana waɗanda ba ta hanyar talla suka zo ba, in yi watsi da na bara?