Wa ta gwada tashi-zaunen kujerar da malamar asibiti ta koya mana?

Maman Ilham: Salam 'yan uwa, waɗanda suka je taron ƙungiya ran Asabar, dan Allah wa ta gwada abin kujerar nan a gida? Ni dai maganar da ta tsaya min a rai ita ce da malamar ta ce mu muke kashe wa iyayenmu ƙafa da sunan tausayi, tsohuwa ta yunƙura za ta ɗauko buta mu ce zauna Inna a kawo miki, haka za ta wuni kan tabarma. Na gwada wa Innarmu, shekararta 72. Na jingina kujera mara hannu da bango, ta rungume hannu a ƙirji, ta miƙe tsaye sosai ta koma ta zauna, ina duba agogon waya daƙiƙa 30. Sau 6 ta yi, na ƙarshen ma sai da ta dafa gwiwa, alhali malama ta ce mace mai shekara 70 zuwa 74 in ta kasa sau 10 to ƙafar ta yi rauni, ana ji mata tsoron faɗuwa. Wallahi jikina ya yi sanyi, matar da a gabana take surfa kwano uku na gero.

Hajiya Ladi: Ni fa ban ga abin wahalar da kai ba, mace mai shara da wanki da salla biyar ai ta gama motsa jiki. Na ba 60 baya kuma lafiya lau nake.

Anti Nas: Hajiya da gaskiyarki ta wani ɓangaren, shara da wanki duk suna cikin lissafin minti 150 na motsa jiki a sati ɗin da malama ta faɗa, matuƙar aikin ya sa numfashi ya ɗan ɗaga amma kina iya magana. Sai dai ƙarfin cinya daban ne, shi yake ɗaga mutum daga masai na tsugunno, kuma yana zubewa da wuri in an daina amfani da shi. Lokacin da nake aiki a ɗakin mata a asibiti na sha ganin tsohuwa ta shigo da ƙafarta, ta yi sati biyu a kwance saboda zazzaɓi, ranar sallama sai an riƙe ta. Maman Ilham kar ki sa Inna tseren agogo kullum, wancan gwaji ne kawai. Ta fara da sau 5 a hankali, ta dafa in tana so, ta huta ta sake, kwana biyu ko uku a sati, kina tsaye kusa da ita. In kujerar ta yi ƙasa ki ɗora filo mai tauri. Bayan wata guda ki sake gwajin.

Ummu Sadik: Ban samu zuwa ba, wai yana rage tumbi? tun haihuwar autana ya ƙi komawa

Maman Ilham: A'a 'yar uwa, maganar tsofaffi ake da ƙarfin ƙafa.

Gwaggo Asabe: To ni nawa ciwon gwiwa ne, shekara uku ina salla a kujera. Na gwada ran Lahadi sau 4 gwiwar tana ƙas ƙas, da daddare ta dame ni sai da na sha diklofenak ɗin da yaron kemis yake ba ni, kusan kullum ma sai na sha. In ci gaba ko in bari?

Anti Nas: Gwaggo ƙarar ita kaɗai ba matsala ba ce. Abin dubawa shi ne washegari, in ciwon ya koma yadda yake da, ki ci gaba amma ki rage yawa, in kuwa gwiwar ta kumbura ko ta yi zafi in an taɓa to a tsaya a je asibiti. Maganin nan ne ma ya fi tayar min da hankali, shan shi kullum yana cin ciki yana taɓa ƙoda, yana kuma ƙara hawan jini, ke kuma na san kina da shi. Dan Allah ki tafi da kwalin ki nuna wa likita. Kuma duk mai shan maganin hawan jini in za ta tashi sallar asuba ta fara zama bakin gado tukuna, jiri a lokacin nan yana kayar da mutane da yawa.

Hajiya Ladi: Na gwada ɗazu don in ƙaryata ku, sau 11 na yi. Wai nawa ne na masu shekaruna?

Anti Nas: Daga 60 zuwa 64 sau 12 ne Hajiya, saura kaɗan.

Maman Ilham: Ni yanzu damuwata Inna ta ce ba za ta ƙara ba, wai jikoki suna leƙe suna dariya, yayana kuma ya ce ina wahalar da uwarsa. Na dai daina hana ta ɗauko butarta da tsince shinkafa. Wadda ta shawo kan tata tsohuwar ta faɗa min yadda ta yi dan Allah.