Na ci shari'ar abitireshan amma kuɗi sun ƙi fitowa, wa ya taɓa bi ta nan?

Mai fitar da kaya:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah duk wanda ya taɓa shiga irin wannan ya taimaka min da abin da ya gani da idonsa. Mun tura wa wani kamfani na ƙasar waje kaya kwantena shida, suka biya kuɗin guda biyu suka riƙe ragowar dala 380,000 wai kayan ba su kai ingancin da aka yi alkawari ba, alhali sun sauke sun sayar. A kwantiraginmu akwai sharaɗin cewa in rigima ta taso ba kotu za a je ba, abitireshan za a yi, mai yanke hukunci mutum ɗaya, mazauni London, harshe Turanci. Ni lokacin sa hannu wallahi ko karanta wannan sakin layin ban yi da kyau ba, yana can shafin ƙarshe. Wata 14 aka yi, kuma kuɗin da cibiyar abitireshan ɗin ta ce kowane ɓangare ya ajiye rabi-rabi su suka ƙi biyan nasu, dole ni na biya duka don kar maganar ta tsaya. Daga ƙarshe hukunci ya fito, an ba ni gaskiya har da ruwan jinkiri da kuɗin lauya. Yau kwana 70 kenan, ba waya ba amsar imel. To yanzu takardar nan me zan yi da ita?

Ɗan kwangilar gini:
Wa alaikumus salam. Malam ka kwantar da hankalinka, akwai Yarjejeniyar New York ta 1958 wadda ke sa kotunan ƙasashe su amince da hukuncin abitireshan da aka yanke a wata ƙasa su zartar da shi, ƙasashe sama da 170 sun shiga, ita ce ma dalilin da ya sa manyan 'yan kasuwa suke zaɓar abitireshan a kan kotu, don hukuncin kotun ƙasarku sau da yawa in ka kai wata ƙasa sai an duba ko akwai yarjejeniya tsakaninsu, wani wurin ma sai ka sake shari'a daga farko. Abin da za ka yi, ka fara kai hukuncin kotun London ta buga masa hatimi, sai ka ɗauka ka kai ƙasarsu, banki zai cire maka kuɗinka.

Barista:
Ɗan'uwa mai kwangila, rabin maganarka daidai ne, amma kar ya kashe kuɗinsa a London haka kawai. Tsohon tsarin Geneva na 1927 ne yake jawo sai an fara tabbatar da hukunci a ƙasar da aka yanke shi, kuma wannan wahalar na daga cikin abin da ta New York ta zo ta kawar. Kai tsaye ake zuwa kotun ƙasar da dukiyar mai bashin take. Sannan banki ba ya cire wa kowa kuɗi saboda takardar abitireshan, sai kotun can ta amince da hukuncin ta mayar da shi kamar nata, daga nan ne za ka nemi odar riƙe asusu ko kama kadara.

Alhaji mai kaya, ni shekaru na yi ina wannan aikin, kuma tambayar farko da nake yi wa duk wanda ya shigo min da murnar ya ci ita ce, ina kuɗinsu suke? Ba inda ofishinsu yake ba. Ina asusunsu, wa yake bin su kuma su wa suke bi, suna da kaya a tashar jirgin ruwa ta wata ƙasa? In suna da dukiya a ƙasa uku kana iya shigar da buƙata a duka ukun lokaci ɗaya, ba wanda ya hana, illa dai ba za ka karɓi fiye da abin da aka yanke maka ba.

Takardun da sashe na 4 na Yarjejeniyar New York ya nema kaɗan ne: asalin hukuncin ko kwafin da aka tabbatar, asalin kwantiragin da sharaɗin yake ciki ko kwafinsa tabbatacce, sai fassara daga mai fassara da hukuma ta yarda da shi idan kotun can ba da Turanci take aiki ba. Fassarar nan kar ka raina ta, na taɓa ganin fayil ya dawo bayan wata huɗu saboda an ba wani ma'aikacin ofis ya fassara babu rantsuwa babu hatimi.

Hajiya mai shago biyu:
Ni dai nawa bai kai haka wahala ba, mun samu saɓani da mai kawo min kaya, aka samo mutum ɗaya da dukanmu muka yarda da shi ya zauna da mu kwana biyu, kowa ya sassauta, aka rubuta aka sa hannu shi ke nan har yau muna ciniki. Me zai hana ku koma wurin wanda ya yi muku sulhun ya sake kiran su?

Barista:
Hajiya naki sulhu ne, mai shiga tsakani ya taimaka muku kun daidaita da kanku. Nasa daban, an saurari shaidu an yanke hukunci mai ɗaure kowa ko ya so ko bai so ba. Kuma wanda ya yanke, da zarar ya sa hannu aikinsa ya ƙare, sai dai ɗan gyaran kuskuren lissafi ko rubutu, ba shi da ɗan sanda ba shi da ikon taɓa asusun kowa. Amma kin taɓo abu mai amfani, da yawa daga waɗanda na wakilta ranar da odar riƙe asusu ta isa banki ne wayarsu ta fara ƙara ana neman a zauna a daidaita.

Tsohon manajan sayayya:
Bari in faɗi namu don shi ya fi ci min rai har yanzu. Mun ci hukuncin dala 900,000 da ɗoriya, muka je karɓa sai muka tarar kamfanin da ya sa hannu a kwantiragin ƙaramin reshe ne da aka buɗe saboda wannan cinikin kaɗai, asusunsa babu komai, uwar kamfanin kuwa mai kuɗin gaske wadda da manajojinta muka yi ta zama ana ciniki, kuma tambarinta ne a saman duk wasiƙun da suka turo mana, sunanta bai fito ko sau ɗaya a layin sa hannu ba. Lauyanmu ya yi ƙoƙarin jawo ta kotu ta ce wannan ba ta amince da abitireshan ba don haka hukuncin bai hau kanta ba. Harafi uku ne fa bambancin sunayen biyu a ƙarshe, ba wanda ya lura a cikinmu. Shekara uku da kuɗin lauyoyi suka tafi. Tun daga nan in ba uwar kamfani ta rubuta takardar lamuni mai ɗauke da irin sharaɗin abitireshan ɗin ba, ko a buɗe mana wasiƙar bashi ta banki, ba na bari a loda kaya.

Barista:
Allah ya mayar da alheri Yallaɓai. Wannan matsalar ko manya ta kayar. Shari'ar Dallah da gwamnatin Pakistan misali ce, kamfanin Saudiyya ne ya yi kwantiragin gina masaukin alhazai a Makka da wata gidauniya da gwamnatin ta kafa, gidauniyar ta rushe, aka yi abitireshan na ICC, wato cibiyar 'yan kasuwa ta duniya, a Paris aka ce gwamnati ta biya. A 2010 Kotun Ƙolin Birtaniya ta ƙi zartarwa ta ce gwamnati ba ta cikin yarjejeniyar, a 2011 kotun ɗaukaka ƙara ta Paris ta duba abu ɗaya ta ƙi soke hukuncin. Takarda ɗaya, kotu biyu, amsa biyu.

Alhaji, abin da za su iya kare kansu da shi ƙididdigagge ne a sashe na 5, kuma mafi yawansa su ne da nauyin kawo hujja. Ko su ce sharaɗin ba ingantacce ba ne, ko ba a sanar da su yadda ya kamata ba har suka kasa kare kansu, ko mai hukuncin ya wuce abin da aka miƙa masa, ko an naɗa shi saɓanin yadda kuka rubuta, ko kotun mazauni ta soke hukuncin. Ita kotun da ka kai wa hukuncin da kanta tana iya ƙi idan ya ci karo da tushen dokar ƙasarta. Maganar wai kayan ba su da inganci ta mutu, ba za a sake buɗe ta ba. Kuma mazaunin London ya yi maka rana, dokar Ingila ta 1996 kwana 28 ta bayar a ƙalubalanci hukunci, kai kana kwana 70, neman ƙarin lokaci kuma ba abu ne mai sauƙin samu ba. Da a ƙasar da ke bin dokar samfur ta UNCITRAL, hukumar dokokin ciniki ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ne wata uku ne, da har yanzu ƙofarsu a buɗe take. Kai ma kana da naka agogon na neman kotu ta zartar da hukuncin, a Amurka shekara uku ne, a China shekara biyu, ka tambayi lauyan ƙasar da za ka je tun yau.

Akanta:
Ni fa gaskiya har yanzu ban gamsu abin nan ya fi kotu ba ga ƙananan kamfanoni. Alƙalin kotu ba kai kake biyan sa ba, nan kuwa kai za ka biya mai hukunci, ka biya cibiya, ka biya ɗakin zama. A wurin aikinmu an rubuta mutum uku a kan rigimar da ba ta kai dala 150,000 ba, da muka yi lissafin abin da za a ajiye da na lauyoyi sai shugabanmu ya ce a yafe bashin kawai. Kuma rashin ɗaukaka ƙarar da ake yabo, ranar da mai hukunci ya yi kuskure a kanka fa?

Ɗan kwangilar gini:
Malam akanta ai laifin wanda ya rubuta mutum uku ne. ICC ma tana da tsarin gaggawa na mutum ɗaya ga rigimar da ba ta wuce dala miliyan 3 ba a kwantiragin da aka ƙulla daga 2021. Mu a gini abin da ya sa muke so, za ka samu wanda ya san aikin injiniya ya saurare ka, kuma sirrin farashinka ba ya fita bainar jama'a.

Akanta:
Na ji, amma batun kuskuren ba ka amsa min ba.

Mai fitar da kaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na duba sunan kamar yadda Yallaɓai ya ce, alhamdu lillahi kamfanin da ya sa hannu shi ne mai asusun da ya biya mu na kwantena biyun farko, kuma ina da takardar bankin da kuɗin suka fito. Abin da ya tayar min da hankali yanzu Barista shi ne maganar sanarwa. Sun turo amsa ɗaya a farko ta hannun lauya, daga baya lauyan ya janye, ranar sauraro ba wanda ya zo, kuma sauran takardun imel ɗin manajan da muka yi ciniki da shi aka riƙa turawa, na ji an ce ya bar aiki tun bara.

Barista:
Amsar da suka shigar tana taimakonka sosai don ta nuna sun san da shari'ar, wanda ya sani ya ƙi zuwa ba ya cewa an hana shi magana. Amma sanarwar ranar sauraro ita za su kama. Ka duba kwantiragin wane adireshi aka rubuta na aika sanarwa, ka nemi cibiyar ta ba ka rasit ɗin masinja na duk abin da aka aika bayan janyewar lauyan, da sunan wanda ya sa hannu ya karɓa. In akwai rasit zuwa adireshin da ke kwantiragi ina da ƙwarin gwiwa. In imel ɗin nan ne kaɗai, to ya danganta da yadda kotun ƙasarsu take kallon abin, wata tana karɓa wata tana tsanantawa. Kuma kar ka rubuta musu kana gargaɗin za ka kama asusu, sai lauyan can ya gaya maka ko ana iya samun odar riƙewa ba tare da an sanar da su ba.